Kwatanta Nau'o'in Haraji Uku Ta Fuskar Kuɗin Shiga

Masana tattalin arziki sukan auna nauyin haraji ta hanyar duba kason da yake ci daga kuɗin shigar mai biya. Bisa wannan ma'auni ne aka raba haraji gida uku: mai raguwa, mai daidaito, da mai hauhawa. Wannan maƙala ta kwatanta su da misalin mutum uku: manomi mai samun naira 500,000 a shekara, malamin makaranta mai samun 2,000,000, da attajiri mai samun 10,000,000.

Haraji mai raguwa shi ne wanda kasonsa ke ƙanƙancewa yayin da samu ke ƙaruwa. Idan aka ɗora wa kowa naira 20,000, manomi ya rasa kashi 4 cikin ɗari na samunsa, malami kashi 1, attajiri kuwa kashi 0.2 kacal. Adadin kuɗin ɗaya ne, amma nauyin ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi. Irin wannan koke ne aka daɗe ana yi a kan harajin da ake yanka wa kowane baligi, wanda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke tare da jangali bayan hawansu mulki a 1979.

Haraji mai daidaito yana karɓar kaso iri ɗaya daga kowa. A kan kashi 10 cikin ɗari, manomi zai biya 50,000, malami 200,000, attajiri 1,000,000. Sai dai 50,000 ɗin manomi daga kuɗin hatsi da magani take fita, alhali miliyan ɗin attajiri daga rara take fita.

Haraji mai hauhawa yana raba samu hawa-hawa. A ƙaddara cewa an yafe 500,000 ta farko, an ɗora kashi 10 daga nan zuwa 2,000,000, sannan kashi 20 a kan abin da ya haura. Manomi ba zai biya komai ba. Malami zai biya kashi 10 na 1,500,000, wato 150,000, wanda ya zama kashi 7.5 na samunsa. Attajiri zai biya 150,000 ɗin nan, ya ƙara da kashi 20 na 8,000,000, jimilla 1,750,000, wato kashi 17.5.

A nan ne ɗalibai sukan yi kuskure, su ɗora kashi 20 a kan dukkan samun attajiri. Kowane kaso hawansa kaɗai yake shafa, don haka ƙarin albashi a wannan tsari ba ya rage abin da ke saura a hannun ma'aikaci.

Hanyar tantance kowane haraji ita ce a raba abin da aka biya da dukkan kuɗin shiga, a maimaita ga masu samu mabambanta, sannan a duba ko kason ya sauka, ko ya tsaya, ko ya hau.