Yadda Ake Gano Baƙuwar Magana da Turancin Ƙawa a Taƙaitaccen Tarihin Kai

Duk mai neman tallafin karatu irin su Chevening ko Commonwealth, ko wanda aka gayyata ya gabatar da muƙala a taro a wata ƙasa, ana iya ce masa ya turo taƙaitaccen tarihinsa da Turanci, layi huɗu ko biyar. Yawancinmu ba nahawu ne ke kayar da mu a nan ba. Jumlolin sukan fito daidai, amma murya ce ta wani wuri dabam: rabi muryar mai gabatar da babban baƙo a wajen ƙaddamar da littafi, rabi ta takardar neman aiki irin wadda aka koya mana a sakandare. Mai karantawa a Landan ko Toronto zai gama bai san abin da mutum ya iya ba. Za mu bi aikin da misali guda, na wata malamar gona da za ta je taro a Ingila. Ga abin da ta fara rubutawa:

*She is a seasoned and erudite agronomist par excellence who hails from the ancient city of Zaria. She bagged her first degree from the prestigious Ahmadu Bello University in the year 2014 and passed out from NYSC in 2016, after which she was opportuned to rub minds with farmers severally. She is happily married and blessed with three children.*

Mataki na farko: ka san mai karantawa. Kafin ka taɓa ko kalma ɗaya, tambayi kanka inda rubutun zai je. Idan a ƙasidar bikin karramawa a Kaduna za a buga shi, kusan komai na sama zai wuce ba wanda zai ɗaga gira. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga cikinsa, har da *Kannywood* da *rub minds*. Sai dai shigar magana ƙamus ba ta sa baƙo ya fahimce ta. Malamar tamu Turawa da Indiyawa da 'yan Kenya ne za su karanta ta, don haka ma'auninta shi ne abin da dukansu za su gane a karatu ɗaya.

Mataki na biyu: karanta da ƙarfi, da biro a hannu. Ka ɗauka kana tsaye gaban wanda ya shirya taron, ya miƙo hannu ya ce ka gabatar da kanka. Duk inda ka ji ba za ka iya faɗin maganar da bakinka ba tare da jin nauyi ba, ja layi a ƙarƙashinta. Ba wanda zai dubi idon mutum ya ce shi *erudite* ne *par excellence*. Kada ka gyara komai tukuna, alama kawai. A misalinmu layin zai hau kan *seasoned*, *erudite*, *par excellence*, *hails from*, *bagged*, *prestigious* da *in the year*.

Mataki na uku: duba lambar da ƙamus ya maƙala wa kalmar. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne mafi sauƙi. Ƙamusun masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary da Longman, ba ma'ana kaɗai suke bayarwa ba. Kusa da kalma sukan rubuta ɗan gajeren bayani kan irin wurin da take shiga: *formal* ga ta takardun hukuma da jawabi, *old-fashioned* ga wadda ta tsufa, *literary* ga ta adabi, *informal* ga ta hira. Nemi duk kalmar da ka ja wa layi. Za ka tarar *hail from* da *erudite* na sahun farko ne, shi kuwa *bag* da ma'anar samun abu na hira ne, irin wanda 'yan jarida ke so a kanun labarai saboda gajartarsa.

Lura da abin da wannan ya tona. A jumla ɗaya malamar tana magana kamar a fada, a ta gaba kuma kamar a teburin mai shayi. Wannan hawa da sauka shi ne abin da kunnen ɗan harshe ke fara kamawa, ko da ba zai iya faɗin dalilin ba. Kalma ɗaya mai nauyi a sakin layi ba laifi ba ce. Idan suka kai uku a jumla guda, ko suka zauna kafaɗa da kafaɗa da kalmar hira, to sai an sauke su. Maganin yawanci gajeriyar kalma ce da ka sani tun firamare: *is from* a madadin *hails from*, *earned* a madadin *bagged*, *in 2014* ba tare da *the year* ba. Haka za ka yi da danginsu in ka ci karo da su, irin *proceeded to*, *aforementioned*, *wherein* da *my humble self*.

Mataki na huɗu: mayar da jumlar Hausa. Ɗauki kowace jumla ka faɗe ta da Hausa. Idan ta zauna daram, kalma bisa kalma, har ka ji kamar da ma can Hausa ce, to akwai alamar daga Hausar ta fito, ta sa rigar Turanci. *Blessed with three children* ba komai ba ne illa "Allah ya albarkace ta da 'ya'ya uku". A wurinmu magana ce ta ladabi da godiya. A tarihin da za a buga a littafin taron kimiyya kuwa, ba a saba kawo aure da 'ya'ya ba, kuma ambatonsu yana cinye gurbin da ya kamata aiki ya shiga. Haka *born into the family of*, wato "an haife shi a gidan wane", da *to the glory of God*. Wannan gwajin yana da iyaka: jumla mai sauƙi kamar *she teaches farmers* ita ma za ta koma Hausa sumul, kuma ba ta da aibi. Abin da kake farauta shi ne magana mai ɗauke da al'ada ko hoto, ba kowace jumla ba.

Mataki na biyar: bincika su wa ke faɗin maganar. Akwai maganganun da ba daga Hausa suka fito ba, daga Turancin da muka tashi muna ji ne, shi ya sa kunnenmu ba ya ƙyamarsu. Su ne suka fi haɗari, domin wasu ma'anarsu tana sauyawa da zarar sun tsallaka iyaka. *Passed out* a Najeriya kammala bautar ƙasa ne. A Ingila, in ba kan sojan da ya gama horo ake magana ba, suma ce. *Severally* a wurinmu "sau da yawa", a can kuwa kalmar lauyoyi ce mai nufin "kowa daban". *Opportuned* ba za ka same ta a ƙamusun masu koyo ba sam, don *opportune* siffa ce, ba aikatau ba. Ita ma NYSC, ko da yake tun 1973 take, baƙo bai san ta ba sai an fayyace masa.

Hanyar ganewa ita ce ka sa maganar tsakanin alamun zance a Google, ka taƙaita binciken ga shafukan ƙasa ɗaya, sannan ka sake da wata:

```
"was opportuned to" site:ng
"was opportuned to" site:ac.uk
```

Kada ka dogara da yawan sakamakon da injin ya ce ya samu, ƙiyasi ne kawai. Buɗe shafuka goman farko ka ga waɗanda suka rubuta. Idan a shafukan jami'o'in Birtaniya ma duk inda maganar ta fito ɗalibi ne daga Najeriya ko Gana, amsar ta fito. Wanda ke son abin da ya fi wannan inganci ya shiga GloWbE, rumbun rubutu da Mark Davies ya fitar a 2013, mai kalmomi kusan biliyan 1.9 daga ƙasashe 20, ciki har da Najeriya da Gana. Ka rubuta maganar, ya jera maka yawan amfani da ita ƙasa bayan ƙasa, sai ka ga da idonka inda ta taru.

Mataki na shida: kowace siffar yabo ta kawo shaida, ko ta fita. Bayan an cire kayan ado, abin da ya rage a tarihin malamar ɗan kaɗan ne, kuma a nan ainihin matsalar take bayyana. *Seasoned* ta tsaya ne a wurin da ya kamata a faɗi shekarun aiki, *rub minds with farmers* kuma ta rufe abin da ta yi da manoman. Horar da su ta yi? A kan me? A ina? Tambayi kowace siffa: wane aiki ne ya sa na cancanci wannan? Rubuta aikin, ka goge siffar. *Prestigious* ma haka: wanda ya san Jami'ar Ahmadu Bello ba ya buƙatar kalmar, wanda bai san ta ba kuma kalmar ba za ta gamsar da shi ba. Da aka yi wa malamar tambayoyin, ga abin da ya fito:

*She is an agronomist from Zaria, in northern Nigeria. She earned a degree in agriculture from Ahmadu Bello University in 2014 and completed a year of national service in 2016. Since then she has trained maize farmers in Kaduna State to store grain without losing it to weevils.*

Ya fi na farkon gajarta, amma yanzu mai binciken ajiyar hatsi da ya karanta ya san dalilin da zai neme ta a lokacin shan shayi.

Mataki na bakwai: kada gyara ya zarce. Wasu da zarar an ce Turancinsu ya yi nauyi sai su koma kwaso maganganun da suka gani a LinkedIn, irin *wears many hats* ko *thinks outside the box*, suna ganin haka 'yan harshen ke yi. Waɗannan sun gaji tun tuni, kuma ɗan ƙaramin kuskure a cikinsu yana fallasa aro, kamar a rubuta *a force to reckon with* inda aka saba da *a force to be reckoned with*. A rubutun layi biyar, shawarata ita ce kada ka sa karin magana ko ɗaya da ba ka tabbatar da ita ta mataki na biyar ba.

Daga nan sai ka ba wani ya karanta, zai fi kyau wanda bai yi makaranta a Najeriya ba. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, don kunya za ta sa ya ce ya yi. Ka ce ya rufe takardar ya faɗa maka aikin da mai tarihin yake yi da inda yake yinsa. Jumlar da ya kasa tunawa, ko ya juya ma'anarta, ita za ka koma wa da biro.