Saƙon Ta'aziyya Ga Ƙawar Da Jaririnta Ya Koma

Nassin karatu: Ayuba 2:11-13, Farawa 37:31-35, Yohanna 11:28-36

A ɗauki misalin waɗansu ƙawaye biyu 'yan zumuntar mata a Abuja, ɗaya tana zaune a Kubwa, ɗaya a Nyanya. Ta Kubwa ta haifi ɗa namiji, ana ta shirin suna, sai a rana ta biyar yaron ya koma. Mahaifiyarta tana can kudancin Kaduna, ba za ta iso ba sai bayan kwana biyu. Labari ya sami ta Nyanya da dare, ba halin fita, abin da ke hannunta waya ce kaɗai. Me za ta rubuta?

Ga abin da ya fara zuwa mata: "Ki yi haƙuri, kada ki yi kuka kamar marar bangaskiya. In ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Allah zai ba ki mai zama." Da zuciya ɗaya ta rubuta, kuma irin maganar da ta saba ji ke nan a gidajen makoki. Duk da haka, kowace jimla a ciki tana da ƙaya.

Abin da ya kamata a guje wa

Na fari, hana kuka. A Betanya, Yesu ya riga ya san zai ta da Li'azaru, amma da ya ga Maryamu tana kuka, shi ma ya zub da hawaye. Manzo Bulus a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana masu bi baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Uwar da aka ce mata kuka rashin bangaskiya ne za ta ɗauki kaya biyu: zafin rashi, da kunyar nuna shi.

Na biyu, alkawarin wani ɗa. Sa'ad da Yakubu ya zaci Yusufu ya mutu, yana da sauran 'ya'ya maza goma sha ɗaya, amma ya ƙi ta'azantuwa. Ɗa ba ya maye gurbin ɗa. Karin maganar ruwa da tulu tana nufin a gode Allah da uwa ta tsira, amma abin da kunnen uwar ke ji shi ne an mai da ɗanta ruwan da za a sake ɗebowa a rijiya. Haka ma cewa "ai ko suna ba a yi masa ba". Ita wata tara ta yi tana ɗauke da shi.

Na uku, neman dalili. Tambayoyi irin su "kin je awo kuwa?" da "me ya hana ku zuwa asibiti da wuri?" zargi ne cikin rigar tambaya. Mafi muni kuma shi ne raɗe-raɗin maita, ko kiran mace mai wabi, ko cewa akwai wani zunubi a ɓoye. Abokan Ayuba, wato Elifaz da Bildad da Zofar, sun kyauta da suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna bayyana dalilin wahalarsa ne suka yi ɓarna, har Ubangiji ya husata da su (Ayuba 42:7). Yesu kuma, da aka tambaye shi game da mutumin da aka haifa makaho, ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa (Yohanna 9:1-3).

A nan akwai gargaɗi ga masu son aika nassi. Da yawa sukan zaɓi 2 Sama'ila 12, inda jaririn Dawuda ya mutu a rana ta bakwai, Dawuda kuma ya furta cewa shi ne zai tafi wurin yaron wata rana. Akwai ta'aziyya a aya ta 23. Amma uwar da ta buɗe surar cikin dare za ta tarar a aya ta 14 cewa mutuwar wannan yaro tana da nasaba da zunubin mahaifinsa, sai ta soma binciken kanta. Markus 10:13-16, inda Yesu ya rungumi ƙananan yara ya sa musu albarka, ya fi dacewa da kwanakin fari.

Abin da ya kamata a faɗa

Matar Nyanya ta share saƙon fari, ta sake rubutawa: "'Yar'uwata, yanzun nan na ji yaronmu ya koma. Sannu da rashi. Ba ni da maganar da za ta kai girman wannan abu, kuka nake yi tare da ke. Na san yadda kika ƙaunace shi tun yana ciki. Ubangiji Yesu ya riƙe ki, ke da Baban yara. Gobe bayan azahar zan zo da kunu da tuwo. In ba kya son magana, sai mu zauna kurum. Ba sai kin amsa ba."

Wannan saƙo ya ambaci yaron a matsayin mutum. Da an riga an raɗa masa suna, da sunan za a kira shi. Bai yi wa Allah fassara ba. Ya tuna da uban, wanda sau da yawa akan ce masa ya daure domin shi namiji ne, alhali shi ne ya ɗauki gawar zuwa makabarta. Ya kuma faɗi taimako takamaimai da lokacinsa. Cewa "in kina bukatar wani abu ki kira ni" ba ta cika amfani ba, gama mai makoki ba ta da ƙarfin roƙo.

Bayan saƙo

Uwar nan mai jego ce ko da ba jariri a hannunta. Nono zai ci gaba da zuwa, ya cika ya yi zafi, jinin biƙi kuma yakan ɗauki har mako shida. Kada a ɗaure ƙirjin tamau. A tatse kaɗan kawai don a rage zafi, a nemi shawarar ungozoma ko likita. In zazzaɓi ya taso, ko jini ya yi yawa ko wari, ko ciwon kai mai tsanani, a kai ta asibiti nan da nan. Haka kuma in ta soma maganar cewa gara ta bi yaron, kada a bar ta ita kaɗai, a sanar da mijinta da fasto da likita a ranar.

Kada a kwashe kayan jaririn ba da izininta ba, ko da da nufin rage mata tunani ne. Kada kuma a sa hotonsa ko labarinsa a dandalin waya na ikkilisiya kafin iyayen su yarda.

A Abuja gidan makoki yakan watse da wuri. Dangi su koma Kafanchan ko Jos, miji ya koma ofis tun da asuba, matar ta wuni ita kaɗai a ɗaki. Saboda haka saƙo na biyu da na uku sun fi na fari wuyar samu. Ƙawa ta gari takan rubuta ranakun a takarda: ranar da aka shirya suna, cikar wata guda, Lahadin da za ta fara komawa sujada, da ranar da yaron zai cika shekara. A Lahadin nan ta fari, ta je ta ɗauko ta, ta zauna kusa da ita, musamman in za a miƙa jarirai a gaban ikkilisiya.

Tambayoyi domin iyali

1. Wace magana ce aka saba faɗa a gidan makoki wadda ya kamata a bari, bisa ga Ayuba 42:7?
2. Wane iyali ne a ikkilisiya ya yi irin wannan rashi a bana, yaushe kuma aka gaishe su na ƙarshe?

Abin addu'a: a roƙi Allah na dukan ta'aziyya (2 Korantiyawa 1:3-4) ya riƙe iyayen da hannuwansu suka zama wofi, ya kuma koya wa ikkilisiyarsa lokacin magana da lokacin shiru.