Abin Da Ya Sa Bireka Take Yawan Faɗuwa

A lokacin hunturun bara wutar soket ta ɗakin kwananmu ta yi ta ɗaukewa kowace asuba, alhali kuwa fitilu suna ci, sauran ɗakuna ma suna da wuta. In muka je akwatin bango sai mu tarar ɗaya daga cikin ƙananan makunnan nan da ake kira bireka ta faɗi. Mu ɗaga ta, an jima kaɗan ta sake faɗuwa. Har wani daga cikinmu ya kawo shawara mu tara kuɗi a sa babba. Allah ya taimake mu Malamin Kimiyya ya ji labari tun ba mu yi ba, ya zo da Baba mai gyaran wutar makaranta. Abin da na koya a wurinsu shi ne zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko dai, bireka waya take tsaro. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka, in an wuce sai ta yi zafi, robar jikinta ta narke, gobara ta tashi a cikin bango ko rufi inda ba mai gani. Ana auna yawan wutar da ke bi ta waya da amfiya. Tamu an rubuta mata B16 a goshi, watau amfiya 16 ke nan.

Baba ya zo da wata tsohuwar bireka da ya fasa, ya nuna mana cewa tarko biyu ne a cikinta. Na farko wani siririn ƙarfe ne da aka yi da ƙarafa iri biyu a manne. In wuta ta fi ƙima sai ya ɗau zafi, ya riƙa lanƙwasa sannu a hankali har ya taɓo kunamar da ke sakin makunnin. Wannan yana ɗaukar lokaci. Na biyu naɗin waya ne mai zama maganaɗisu. Shi ba ruwansa da 'yar ƙaruwa, amma in wuta mai yawan gaske ta taho gaba ɗaya, kafin ƙiftawar ido ya fizge makunnin. A bireka mai harafin B, maganaɗisun yana aiki in wutar ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarta, watau amfiya 48 zuwa 80 a tamu. Tarko na farko na yawan lodi ne, na biyu kuwa na haɗuwar waya. Saboda haka tambayar farko ita ce: nan take ta faɗi, ko sai da aka jima?

Tamu sai an yi 'yan mintoci take faɗuwa. Malam ya sa muka kwaso duk abin da muke jonawa da asuba, muka karanta wat ɗin da aka rubuta a jikin kowanne. Akwai hita biyu na dafa ruwan wanka, kowace wat 1,500, da butar lantarki mai wat 2,000, da dutsen guga mai wat 1,000. Jimla wat 6,000. Wutar gidaje a Nijeriya bolt 230 ce, kuma in ka raba wat da bolt sai ka sami amfiya. Da muka raba 6,000 da 230 muka sami amfiya 26 da 'yan kai, a kan layin da aka yi wa iyaka 16. Wannan ya wuce ƙima sosai, amma bai kai 48 ba, don haka maganaɗisu bai motsa ba, siririn ƙarfen nan ne yake yin zafi har ya sake ta. In ka juya lissafin, 16 sau 230 ya ba da wat 3,680, iyakar abin da layinmu zai ɗauka ke nan. Hita biyu kaɗai sun cinye 3,000.

Akwai wani abu da ya ruɗe mu. In muka ɗaga ta nan da nan bayan ta faɗi, ba ta daɗewa kamar karon farko, wani lokaci ma ƙin tsayawa take yi. Mai gaggawa sai ya ce waya ce ta haɗu. Ba haka ba ne, ƙarfen ne bai huce ba. In ka taɓa jikin birekar za ka ji ɗumi. Shi ya sa ake ba ta kamar minti goma kafin a gwada.

Na tambayi Baba, na ce, "Baba, in aka sa mai 32 ba shi ke nan ba?" Ya ce, "Yaro, ai wayar da ke cikin bango ba za ta ƙara kauri don ka canja bireka ba. Amfiya 26 ɗin nan za ta yi ta bi ta cikinta, ba mai tsayar da ita, kuna barci a ƙarƙashin rufin katako." Daga ranar aka tsara mana: ba a jona abin dumama fiye da biyu a lokaci guda, guga kuwa sai da rana.

Bayan kamar wata biyu sai ga ɗaya matsalar ta zo da kanta. Ranar wata Asabar wani ɗan aji uku yana guga, ba kome a jone sai dutsen, muka ji ɗas, muka ga tartsatsi, wuta ta ɗauke. Wat 1,000 bai kai amfiya 5 ba, don haka ba maganar lodi. Da aka zare fulogi aka duba, sai ga igiyar ta tsage daidai inda take shiga gindin dutsen, wurin ya yi baƙi, yana warin ƙonanniyar roba. Wayar da ke kawo wuta ta taɓa wadda ke mayar da ita, wutar ta sami gajeriyar hanya ba ta bi ta cikin dutsen ba. A irin wannan hali amfiya ɗaruruwa suke wucewa, maganaɗisu ne ya katse su. Abin lura shi ne dutsen ya yi minti biyar yana aiki lafiya kafin nan, sai da igiyar ta murɗe wayoyin suka gamu. Ashe lokaci kaɗai ba ya isa shaida, sai an haɗa da lissafi da abin da ido da hanci suka gaya maka.

Ga yadda ake rarrabewa a gida ba tare da an kwance kome ba. A kashe duk makunnan layin, a zare kowane fulogi, a jira birekar ta huce. Sa'an nan da busasshen hannu a danna ta ƙasa sosai, a ɗaga sau ɗaya. In ta faɗi alhali ba kome a jone, laifin yana cikin bango ko cikin wani soket, wataƙila ɓera ya ci waya ko ruwa ya shiga. A bar ta a kashe a kira mai gyara, kada a yi ta ɗagawa, domin kowace ɗagawa sabon tartsatsi ne a wurin da ya lalace. In kuwa ta tsaya, sai a gwada kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne shi kaɗai, amma wanda aka ga igiyarsa ta ƙone a ajiye shi ba sai an gwada ba. Wanda ya kayar da ita nan take, shi ne mai laifi. In kowanne ya yi aiki shi kaɗai, amma in an haɗa su ta faɗi bayan an jima, lodi ne, sai a koma ga lissafin wat.

Wasu gidaje suna da wata mai faɗi a akwatin, da ɗan maɓalli mai harafin T da rubutun 30mA. Ita ba lodi take aunawa ba, wutar da ke zurarewa zuwa ƙasa take kamawa, kamar ta hitar da ta tsage a cikin ruwa. In ita ce take faɗuwa, lissafin wat ba zai nuna kome ba, sai dai gwajin zare fulogi ɗaya bayan ɗaya, a fara da kayan da ke taɓa ruwa.