Yadda za ki gwada saurayin da ya yi miki ambaliyar soyayya tun makon farko

A ce wani ya samu lambarki a wani zauren WhatsApp ranar Litinin. Kafin Laraba ya fara kiranki "matata", ranar Juma'a ya ce ya yi istihara, ke ce uwar 'ya'yansa. Saƙo tun asuba har tsakar dare, ga kati da data ba ki roƙa ba. Dole abin ya yi miki daɗi, kuma wannan ba laifinki ba ne. Amma kafin zuciya ta yi nisa, ki gwada shi.

Fara da yabon. Koma farkon hirar ki duba kalaman da za a iya tura wa kowace mace ba a canza ko harafi ba, irin su "ban taɓa ganin kamarki ba". Sai ki tambaye shi: "Me ka sani game da ni har ka yanke wannan shawara?" Wanda yake saurarenki zai ambaci karatunki ko wata damuwa da kika faɗa masa. Mai daɗin baki wani yabon zai ƙaro.

Daga nan ki sa ƙaramar iyaka, wadda a ganina ita ta fi tona asiri. Ki ce: "Bayan ƙarfe 10 na dare ba na hira," kuma ki tsaya a kan haka. Mai mutunci zai iya jin babu daɗi, amma zai haƙura. Mai daɗin baki kuwa sai ki ga kira a jere, sannan "ashe ba kya sona", ko "da wa kike magana?" Wani ya ɗauke ƙafa kwana biyu don ki bi shi da ban haƙuri. Dalili shi ne, kulawar da ya yi ta zuba miki bashi ya ɗauke ta, yanzu yana son ki biya da biyayya.

Maganar aure da wuri ba aibu ba ce a ƙasar Hausa, abin dubawa ita ce hanyar da ta biyo. Nemi cikakken sunansa, unguwarsu da sana'arsa, ki sanar da mahaifiyarki ko yayanki, ki ce ya zo gida a gaisa don a samu damar bincike. Idan ya ce a ɓoye tukuna saboda mahassada, ko ya fara kushe ƙawayen da ke ba ki shawara, so yake ya raba ki da masu ankarar da ke.

Wasu suna iya daurewa su haye gwajin farko, don haka ki ba abin watanni. A tsawon lokacin kada ki tura hoton da ba za ki so danginki su gani ba, kada ki ranta masa kuɗi. In ya koma barazana, ɗauki hoton saƙonnin, nuna wa babba a gida, sannan ki toshe lambarsa.