Yadda ake sauya fayil a Google Drive ba tare da an raba shi da allon bayanai ba

Allon bayanai, wato shafin da ke nuna alƙaluma da zane-zane waɗanda yake ɗebowa daga wani fayil, yakan tsaya a kan tsofaffin alƙaluma ko ya daina aiki gaba ɗaya idan aka goge fayil ɗin aka ɗora sabo mai suna iri ɗaya. Dalili shi ne Google Drive ba da suna yake gane fayil ba, da lambar shaida yake gane shi, wato jerin haruffa da lambobin da ke biyo bayan `/d/` a cikin adireshinsa. Duk sabon fayil sabuwar lamba yake samu, shi kuwa allon, kamar na Looker Studio, tsohuwar lambar yake riƙe da ita. Saboda haka abin da ake bukata shi ne a sauya abin da ke cikin fayil ɗin, a bar fayil ɗin kansa inda yake.

A ɗauki misalin kamfanin da ke fitar da `ciniki.csv` duk mako, wanda allonsa ke karanta wata takardar Google Sheets. Ma'aikacin zai buɗe ainihin takardar, ya tsaya a shafin da allon ke karantawa, ya shiga `File` sannan `Import`, ya ɗora sabon fayil ɗin, ya zaɓi `Replace current sheet`. Zaɓin `Create new spreadsheet` sabuwar takarda yake haifarwa, `Replace spreadsheet` kuma yana share dukkan shafukan takardar, har da waɗanda ba a yi niyyar taɓawa ba. Idan kuwa fayil ɗin na Excel ne da aka ajiye yadda yake, hanyarsa ita ce `Manage versions` sannan `Upload new version`, wadda ke barin lamba da adireshi da izinin waɗanda aka ba damar gani duk a yadda suke.

Inda aka fi samun cikas shi ne kan ginshiƙai, domin da sunayensu allon yake gane bayanai. Idan ginshiƙin da a da ake kira `Kudi` ya koma `Jimla`, duk zanen da ya dogara da shi zai nuna kuskure ko da adireshin bai canza ba, sai an mayar da sunan, ko an danna `Refresh fields` an sake haɗa zanen. Mayar da sunan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba lallai ne sabon ciniki ya bayyana nan take ba, don Looker Studio yakan riƙe bayanan Sheets na minti 15 kafin ya sake ɗebowa, sai dai in an danna `Refresh data`. Daga nan sai a gwada kwanan wata na ƙarshe da jimlar kuɗin da ke allon da waɗanda ke cikin fayil ɗin. Idan an shigar da fayil ɗin da ba shi ba, `Version history` yana dawo da takardar yadda take kafin sauyin.