Yadda Ake Yin Tanadi Domin Bashin Da Ake Shakkar Biyansa

Duk ɗan kasuwar da ke ba da kaya bashi ya san ba dukan kuɗinsa ne za su dawo ba. Idan ya lasafta bashin gaba ɗaya cikin dukiyarsa, zai ga ribar da babu ita, har ya kai ga cin uwar kuɗi bai sani ba. Saboda haka a ƙarshen kowace shekara akawu yakan kimanta abin da ake jin zai salwanta, ya rage shi daga riba. Wannan shi ne tanadi. Ba kuɗi ba ne da ake ɓoyewa a akwati, ragi ne cikin littafin lissafi.

Da farko ana tsara jadawali, a kasa bashin bisa ga daɗewarsa, domin gwargwadon daɗewar bashi, gwargwadon wuyar karɓarsa. Kowace takardar sayarwa ana ƙirga kwanakinta dabam, don mutum ɗaya yana iya kasancewa da sabon bashi da tsoho. Bashin da aka tabbata ya mutu, kamar na wanda ya karye ƙurmus, soke shi ake yi tukuna, ba ya shiga jadawalin.

Ga misalin wani dillalin yadi da ke bin mutane naira 5,000,000 ran 31 ga Disamba. Ya duba littattafansa na shekarun baya, ya ga abin da yakan salwanta a kowane rukuni:

- Kwana 1 zuwa 30: naira 3,000,000, kashi 1 cikin ɗari, tanadi 30,000
- Kwana 31 zuwa 90: naira 1,200,000, kashi 5, tanadi 60,000
- Kwana 91 zuwa 180: naira 500,000, kashi 20, tanadi 100,000
- Fiye da kwana 180: naira 300,000, kashi 50, tanadi 150,000

Jimlar tanadin ita ce naira 340,000. To, amma akwai ragowar tanadin bara na naira 250,000 a littafi, don haka cikon naira 90,000 kaɗai za a cire daga ribar bana. Bashin kuwa za a nuna shi cikin dukiya a kan naira 4,660,000. Waɗanda ake bi ba a yafe musu ko kwabo ba, ana nan ana binsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, in mutum ya kawo kuɗi a rubuta su kan sabuwar takarda a bar tsohuwa, ko a sake wa tsohon bashi kwanan wata. Ko wanne aka yi, jadawalin ba zai faɗi gaskiya ba. Haka kuma waɗannan kashe-kashen na misali ne kawai. Kowa ya fitar da nasa, ya ƙara idan kasuwa ta yi sanyi. In aka ga bashin da ake sokewa kowace shekara ya zarce tanadin da aka yi, alama ce ƙiyasin ya yi ƙasa, ya kamata a ɗaga shi.