Darasi na Goma Sha Huɗu: Ruwan Gishiri da Sukari da Ƙwayar Zink

Ɗalibai, idan damina ta kankama a Jos, zawo yakan addabi yara ƙanana, kuma bushewar jiki ce take kashe su. Saboda haka ake sayar da ƙunshin gishiri da sukari tare da ƙwayar zink a kantunan magani, kamar na Taminus da Faringada.

Ku fara duba jikin ƙunshin. Za ku ga haruffan ORS, da yawan ruwan da ake bukata, da ranar lalacewa kusa da EXP, da lambar hukumar NAFDAC. Idan ƙunshin ya huje ko garin ya dunƙule, to, danshi ya shiga, kada ku saya.

Wurin haɗawa ake yawan kuskure. Ku wanke hannu, ku juye ƙunshin gaba ɗaya cikin ruwan da aka tafasa ya huce. In an rubuta lita 1, ledar fiya-wata biyu ke nan, muddin kowace rabin lita ce. Wasu sukan rage ruwa, wai don magani ya yi ƙarfi. Wannan ganganci ne, domin gishirin zai yi yawa ya ƙara wa yaro zawo. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya wuce awa 24 a zubar.

A katin zink kuwa akan rubuta 20 mg. Ɗan wata 6 zuwa sama ƙwaya ɗaya kullum, wanda bai kai ba rabi. A narkar da ita a cokalin ruwa ko nonon uwa. Kwana 10 zuwa 14 ake sha, ko da zawon ya tsaya.

Idan yaro ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a kashinsa, sai asibiti nan take.